Shekarun Tsakiya: Abin da Ƙidayar 2021 Ta Nuna Game da Yara da Matasanmu

Jama'a masu sauraro, na nan Kete Krachi da ƙauyukan bakin tafki, da 'yan'uwa na Dambai da Salaga da Yendi har zuwa Bawku. 

A watan Yuni da Yuli na shekarar 2021 ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Gana sun bi gida-gida da na'ura a hannu suna ƙidayar jama'a. Cikin tambayoyin da suka yi wa kowa har da wannan: shekarunka nawa? Da yawa daga cikinmu mun amsa a tsaitsaye, wasu ma sun ce wa ma'aikacin ya rubuta abin da ya ga ya dace. Yau a kan wannan amsa za mu zauna, domin daga ita ake fitar da wani adadi guda da ke bayyana ko gari na yara ne, ko na matasa, ko na dattawa. Shi ne ake kira shekarun tsakiya.

Ga yadda abin yake. A ce an jera mutanen Kete Krachi kaf a sahu ɗaya, jaririn da aka haifa jiya a farko, tsohon da ya fi kowa shekaru a ƙarshe, kowa a gurbinsa. Sai a je wurin mutumin da ya tsaya daidai tsakiyar sahun, wanda rabin gari ƙannensa ne, rabi kuma yayyensa da iyayensa. Shekarun wannan mutum su ne shekarun tsakiya na garin.

Kada a haɗa shi da lissafin da muka saba tun firamare, na tara shekarun kowa a raba da yawan mutane. Bari mu gwada da gida ɗaya, gidan misali, mai mutum 11. Yara masu shekara 2, 4, 7, 10 da 13. Sai mai 16, mai 19, mai 24. Uwar gida tana da 38, mai gida 47, kaka kuma 84. In ka tara duka za ka sami 264, ka raba gida 11, kowa ya tashi da 24. Amma dubi gidan nan da kyau: mutum 7 cikin 11 ba su kai 24 ba. Wanda ke tsakiya shi ne na 6, wato mai shekara 16, biyar na ƙasansa, biyar na samansa. Sha shida ta fi faɗin gaskiyar gidan.

To a ce kaka ya dage cewa shi shekararsa 106, kamar yadda tsofaffinmu kan ƙara wa kansu. Lissafin tarawa da rabawa zai tashi daga 24 ya koma 26. Shekarun tsakiya kuwa ba za su motsa ba, suna nan a 16, domin kaka ko 84 yake ko 106 yana ƙarshen sahu. Wannan ne ya sa masana yawan jama'a suka fi dogara da shi. Ku riƙe gidan nan a zuciya, za mu sake buƙatarsa.

Yanzu mu ɗauki ƙasar baki ɗaya. Ƙidayar 2021 ta sami mutum 30,832,019 a Gana. Cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara 15 sun kai kashi 35.3 cikin 100. Da wannan kaɗai kowa zai iya kusantar shekarun tsakiya ba tare da na'ura ba. Muna neman mutum na 50 cikin kowane 100. Yara sun cinye gurbi 35, saura kusan 15. A shekarun samartaka, kowace shekara ɗaya tana ɗauke da kimanin mutum 2 cikin 100 na jama'ar ƙasa: masu 15 mutum biyu, masu 16 mutum biyu, haka dai. Kenan sai mun taka shekara bakwai kafin mu cika 15 ɗin da suka rage. Sha biyar da bakwai, 22. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya yana sa Gana a wajen 21, ka ga ba mu yi nisa ba. Rabin mutanen ƙasar nan ba su wuce shekara 21 zuwa 22 ba. Don a gwada, Nijar tana wajen 15, Najeriya wajen 18, Japan kuwa ta doshi 50.

In muka yi wannan lissafi da ƙidayar 2000, lokacin da yara suke kashi 41.3, gurbi 9 kawai suka rage a cika 50, shekarun tsakiya suka tsaya a wajen 19. Cikin shekara 21 mutumin tsakiyar sahu ya girma da shekara biyu zuwa uku. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Binciken lafiyar iyali na 1988 ya nuna mace a Gana tana haihuwar 'ya'ya 6.4 in aka daidaita, na 2022 kuma ya nuna 3.9.

A nan ne nake so mu tsaya, domin a nan mutane suke yin kuskure. Wani zai ji an ce kason yara ya ragu daga 41 zuwa 35 sai ya ɗauka yara sun ragu. Ba su ragu ba. A 2000 jama'ar Gana miliyan 18.9 ne, kashi 41.3 nasu ya ba da yara kimanin miliyan 7.8. A 2021 kashi 35.3 na miliyan 30.8 ya ba da yara kusan miliyan 10.9. An sami ƙarin yara miliyan 3, duk da cewa kasonsu ya sauka. Abin da ya faru shi ne, yaran jiya sun girma sun cika sahun matasa. Masu shekara 15 zuwa 35 sun tashi daga kashi 34.6 a 2000 zuwa kashi 38.2 a 2021, wato daga kimanin miliyan 6.5 zuwa kusan miliyan 11.8. Matasa yanzu sun fi yara yawa a ƙasar nan, alhali a 2000 yara ne kan gaba.

Kuma in kun ji wani yana faɗin yawan matasa, ku tambaye shi daga shekara nawa zuwa nawa. Gana da Tarayyar Afirka suna lissafa 15 zuwa 35. Majalisar Ɗinkin Duniya tana tsayawa a 15 zuwa 24. Mutum biyu za su iya yin gardama har magariba, kowa da adadinsa, kuma duk su biyun daidai suke.

Wannan adadi na matasa ba hasashe ba ne, domin waɗanda za su nemi gurbin sakandare da aikin yi nan da 2031 an riga an haife su, an kuma ƙirga su. Yarinyar da aka rubuta tana da shekara 5 a 2021 za ta cika 15 a 2031. Kowace shekara kusan yara dubu 700 ne ke cika shekara 15 a Gana. Mun ga abin da ya faru bayan an fara sakandare kyauta a watan Satumba na 2017: kafin shekara ta zagayo ɗalibai sun fi azuzuwa da ɗakunan kwana yawa, har aka raba su rukuni biyu a 2018, wasu na makaranta wasu na gida. Yawan yaran da za su kai shekarun shiga sakandare a lokacin yana rubuce cikin ƙidayar 2010, lokacin da suke 'yan shekara bakwai da takwas.

Masu sauraro, duk wannan labarin ƙasa ne. Namu na nan fa?

Yankin Oti, wanda aka yanke daga yankin Volta bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamba 2018, an ƙirga shi a karon farko da sunansa a 2021, aka sami mutum 747,248. Sahunmu ya fi na Akra yarinta. Binciken 2022 ɗin nan ya nuna mace a yankin Akra tana haihuwar 2.9, a yankin Arewa maso Gabas 6.6, kuma yankunan da Krachi da Salaga da Yendi suke duk sun haura 5. Inda haihuwa ta yi yawa, yara za su cika farkon sahu, mutumin tsakiya kuma ya zama ƙarami. Wannan kowa ya sani.

Amma akwai dalili na biyu, kuma shi ne abin da ya fi damuna a yi watsi da shi. Mu koma gidan nan mai mutum 11. A ce mai shekara 19 ta tafi Akra tana dako a kasuwa, mai 24 kuma ya tafi Kumasi koyon kanikanci. Saura mutum 9: masu 2, 4, 7, 10, 13, 16, sai 38, 47 da 84. Na tsakiya yanzu shi ne na 5, mai shekara 13. Shekarun tsakiya sun faɗo daga 16 zuwa 13, ba tare da an yi suna ko ɗaya a gidan ba. Wanda ya kalli adadin daga ofis zai ce mutanen nan sun cika haihuwa. Wanda ya leƙa gidan zai ga cewa masu ƙarfin aiki ne suka fita.

Abin da ke jawo haka shi ne tsarin ƙidayar kanta. A Gana ana ƙirga mutum ne a inda ya kwana a daren ƙidaya, wanda a wannan karo ya kama daren Lahadi 27 ga Yuni 2021. 'Yar Yendi da ta kwana a Agbogbloshie an rubuta ta a Akra. Saurayin Bawku da ke aikin gonar koko a kudu an rubuta shi a can. Kuɗin da suke aikowa yana ciyar da gida, amma su kansu ba sa cikin adadin garinsu. Haka nan ɗalibin makarantar kwana ana ƙirga shi a makaranta, don haka gari mai babbar sakandare kamar Kete Krachi kan nuna 'yan 15 zuwa 19 fiye da ƙauyen da ya turo su.

To yaya za a gane wanne ne ke aiki, haihuwa ko tafiya? Ba a gane shi daga adadi ɗaya. Sai an buɗe teburin shekaru na gunduma, wanda ake jera shi biyar-biyar, maza daban mata daban: 0 zuwa 4, 5 zuwa 9, har sama. In haihuwa ce kaɗai, kowane rukuni zai ɗan fi na samansa yawa, abin ya riƙa raguwa sannu a hankali. In kuwa tafiya ce, za ka ga 'yan 10 zuwa 14 da yawa, sai adadin ya faɗi farat ɗaya a 20 zuwa 24 da 25 zuwa 29. Sannan ka gwada maza da mata. A wajen haihuwa maza kan ɗan fi mata yawa, kimanin 103 zuwa 105 ga kowace mace 100. In ka zo rukunin 25 zuwa 29 ka tarar maza 80 ne ga mata 100, ba mutuwa suka yi ba, suna kudu. In kuma 'yan mata 15 zuwa 19 ne suka yi ƙaranci, ka san inda za ka neme su.

Bambancin nan yana da nauyi ga duk mai tsara aiki. Garin da yaransa suka yi yawa saboda haihuwa yana buƙatar ungozoma da azuzuwan firamare. Garin da matasansa suka fita yana buƙatar waɗannan, amma kuma yana buƙatar abin da zai riƙe ɗan shekara 22 a gida: sana'a, hanyar fitar da doya da kifi, jari. A ƙasa baki ɗaya, kowane mutum 100 masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da yara da tsofaffi 66. A gidanmu na misali, kafin tafiyar mutum biyun nan, masu shekarun aiki 5 ne ke ɗauke da 6. Bayan tafiyarsu 3 ne ke ɗauke da 6, kuma ɗaya daga cikin ukun ɗan shekara 16 ne.

Mu mutanen Krachi ba baƙin ƙaura ba ne. Zangon Kete ya cika ne da fatake da malaman da suka baro Salaga bayan yaƙin basasar 1892, cikinsu har da Alhaji Umaru, wanda ya yi limanci a nan har rasuwarsa a 1934. Ruwan madatsar Akosombo ya cinye tsohon gari a tsakiyar shekarun 1960, aka sake wa mutum kimanin 80,000 matsuguni a faɗin tafkin. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takardu, zanguna suka yi zuru, 'yan watanni kafin ƙidayar 1970. Duk wanda zai gwada adadin wani zango a 1960 da na 1970 bai san wannan ba, zai karanta abin a karkace.

Yanzu sai mu zo kan laifinmu mu masu amsa tambaya. Duk lissafin da na yi ya dogara ne a kan cewa shekarun da muka faɗa gaskiya ne. Ka tambayi dattijo shekarunsa, zai ce hamsin ko sittin. Da wuya ka ji 53 ko 58. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba yakan faɗa kan adadin da ya ƙare da sifili ko biyar, kuma wannan ɗabi'a ta bayyana a fili a ƙidayoyin Gana na baya, musamman a karkara da tsakanin waɗanda ba su yi boko ba. In aka zana shekaru ɗaya-ɗaya sai a ga cunkoso a 30, 35 da 40, a ga ƙaranci a 29, 31 da 39.

Akwai hanyar auna wannan, ana kiranta ma'aunin Whipple. Ana ɗaukar masu shekara 23 zuwa 62. In kowa ya faɗi gaskiya, mutum 1 cikin 5 ne kawai shekarunsa za su ƙare da sifili ko biyar. A ce a wani zango masu waɗannan shekaru su 1,000 ne, ya kamata a sami 200. Sai aka duba aka sami 350. A raba 350 da 200, a ninka da 100, an sami 175. A ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasa da 105 bayani ne ingantacce, 125 zuwa ƙasa da 175 mai rauni ne, daga 175 zuwa sama kuwa mai rauni ƙwarai. Shekarun tsakiya suna iya jure wannan zuwa wani mataki, kamar yadda muka gani da kaka. Amma iyakokin rukuni ba sa jurewa. Mai shekara 37 da ya ce 35 ya shiga cikin matasa ba da hakki ba. Yarinya mai 14 da aka ce 15 saboda ta yi jiki ta fita daga lissafin yara. Mai 62 da ya ce 65 ya koma cikin tsofaffi.

Akwai wasu hanyoyi biyu da mu Musulmin zango muke karkata adadin ba da niyya ba. Na farko, ƙidaya tana son shekarun da mutum ya cika, ba wadda ya shiga ba. Yaron da ya yi shekara huɗu da wata goma, 4 za a rubuta masa, ko da uwarsa ta ce ya shiga ta biyar. Jaririn da bai cika shekara ba, sifili ake rubuta masa. Na biyu, wanda ke lissafi da azumi ko da shekarar Hijira ya sani cewa tana gaza ta Miladiyya da kwana 11. Cikin shekara 33 an sami rarar shekara guda. Malamin da ya ƙirga 66 da watan Musulunci, 64 yake da su a takardar ƙidaya, kenan bai shiga rukunin 65 ba tukuna.

Wanda bai san shekarar haihuwarsa ba, ba abin kunya ba ne, kuma akwai mafita. Ma'aikatan ƙidaya kan zo da jerin manyan abubuwan da suka faru don a lalubo shekarar. Mu ma muna da namu a ka. An haife ki lokacin da ruwa ya tashi gari? Tsakiyar shekarun 1960 ke nan. Kina goye lokacin korar baƙi? 1969. Lokacin da motoci suka koma bin hannun dama, 1974. Shekarar yunwa da gobarar daji, da aka koro 'yan Gana daga Najeriya, 1983. Rikicin da ya taɓa Yendi da Salaga da nan Krachi, 1994. Husufin rana na watan Maris, 2006. Canjin kuɗi, 2007. Minti biyar na irin wannan tambaya sun fi a ce "rubuta arba'in".

Abin da ya fi ciwo shi ne waɗanda ba a faɗa ba sam. Jaririn da ba a yi sunansa ba sau da yawa ba a ambatonsa, domin a ganin gida bai kai a ƙirga shi ba. Wasu iyaye kuma ba sa son furta yawan 'ya'yansu a gaban baƙo. Almajiran da ke kwana a zauren malam, malam yana ganin ba 'ya'yansa ba ne, iyayensu kuma na ganin ba sa gida, sai su faɗi a tsakani. Yaran da ke sansanonin masunta a tsibiran tafkin nan, da rugagen Fulani, isa wurinsu da damina aiki ne. Kowane yaro da aka tsallake yana ɗaga shekarun tsakiya sama, yana sa gundumarmu ta yi kamar ta fi yadda take tsufa, kuma ana lissafa allurar rigakafi da kujerun aji ba tare da shi ba. Wasu kuma suna ƙara wa kansu shekaru ne da tunanin tallafin tsofaffi ko rangwamen inshorar lafiya. Ku sani, ba da takardar ƙidaya ake ba da waɗannan ba, kuma doka ta hana a bayyana amsar mutum ɗaya ga kowa.

Saboda haka ga roƙona. Wakilanmu na majalisar gunduma da sarakunan zango, ku nemi teburin shekaru na Krachi ta Yamma a ofishin ƙididdiga, ku dubi rukunin 10 zuwa 14, ku gwada shi da na 20 zuwa 24, maza daban mata daban, kafin ku zauna zaman kasafin baɗi. Limamai da malamai, ranar suna in kun raɗa wa yaro suna, ku rubuta kwanan watan haihuwarsa, na Hijira da na Miladiyya, a littafin masallaci. Iyaye mata, ku adana katin awo, ku kuma yi wa jariri rajistar haihuwa kafin ya cika shekara ɗaya, domin a cikin wannan lokaci kyauta ce. In aka bi al'adar shekara goma-goma, masu ƙidaya za su sake ƙwanƙwasa mana ƙofa wajen 2031, kuma duk wanda ya kwana a gida a daren, har jaririn da aka haifa da la'asar, a faɗe shi da shekarunsa na gaskiya.